Rasit Ɗaya, Lissafi Uku

A ofishinmu na Unguwar Sarki, manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ke karanta rasitan 'yan kwangila, ta fitar da adadi, farashi da jimilla. Takan yi kuskure cikin natsuwa, shi ya sa nake bi da lissafi.

Wani rasit ya zo: katan 12 na takarda, kowane naira 25,000. Manhajar ta karanta 17, domin tawadar ta dushe. Amma 17 sau 25,000 naira 425,000 ne, alhali jimillar 300,000 ce. Harajin kayayyaki na kashi 7.5 ya raba gardama: 22,500, gaba ɗaya 322,500.

Lambar asusun banki kuwa, jimilla ba ta gaskata ta. Ita da idona nake dubawa kafin kuɗi su fita.