Tabarma Ɗaya da Buta Ɗaya



A kan hanyarmu ta dawowa Tamale daga Kumasi, wani ɗalibi da muke mota ɗaya da shi ya ba mu labarin wani gida da ke kusa da Techiman, ana ce masa Kristo Buase. An kafa shi a 1989, kuma mazaunansa ruhubanawan Kirista ne masu bin ƙa'idar Benedict, wanda ya rayu a ƙasar Italiya a ƙarni na 6. Ba sa aure, babu wanda ke da dukiya tasa ta kansa, kuma yininsu a rabe yake tsakanin addu'a da aikin gona. Sai ɗalibin ya ce, "Malam, mutum da lafiyarsa da hankalinsa, me zai sa ya zaɓar wa kansa rashi?"

Mun ce masa addininmu bai ɗora mana ruhubananci ba, aure ma sunna ne. Amma tambayar tasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin muna da zuhudu, wato gudun duniya, kuma amsar da muka sani ba a littafi muka fara ganinta ba. Mun gan ta ne a wurin dattijon da muka daɗe muna riƙe wa alƙalami, wanda jama'a ke kawo wa rigimar gado da ta aure domin ya sasanta.

Kowace shekara, ran ashirin ga watan azumi, kafin faɗuwar rana, yakan miƙa mana mabuɗin ɗakinsa da wayarsa da littafin lissafin jama'a, ya shiga masallacin Juma'a domin i'itikafi. Kayansa ba su wuce tabarma da buta da mayafi da riguna biyu da Alƙur'ani ba. A mazhabar Malikiyya da muka karanta a Risala, i'itikafi ba ya inganta sai da azumi. Mai yinsa ba ya fita sai don biyan buƙatar ɗan Adam, ba ya fita gaida mara lafiya ko rakiyar jana'iza, ba ya kusantar iyalinsa, kuma ba wurin ciniki ba ne. Daren Salla ma a masallacin yake kwana, daga nan ya wuce filin Idi.

Abinci kuwa tun watan Sha'aban yake fara rage shi, loma-loma. Wannan shawara ce ta Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. A cikin Ihya'u Ulumiddin ya nuna cewa wanda ya saba cika ciki, in ya yanke abinci lokaci guda jikinsa zai raunana ya kasa jurewa, don haka sai ya riƙa rage ɗan kaɗan kullum har tsawon wata, ya kai rabin abin da ya saba ci ba tare da ya ji a jikinsa ba. Idan goman ƙarshe ta zo, dabino da koko da ɗan malmalar tuwo sun ishi dattijon daga buɗa baki zuwa sahur.

Wata shekara, ana saura kwana uku Salla, wani ɗan kasuwa ya aiko da buhun shinkafa da turmin shadda da ambulan mai nauyi, wai barka da Salla ce ga Baba. Mun san cewa akwai maganar gida tsakaninsa da matar marigayi ƙanensa da marayunta, kuma an sa ranar zama bayan Salla. Duk da haka muka karɓa, muka shigar da kayan zaure. Hujjar da muka ba kanmu ita ce rufin ɗakin Baba yana yoyo, ga damina tafe, kuma kyauta ba a mayar da ita. Da muka kai masa buɗa baki muka faɗa masa, sai ya dube mu ya ce, "Malam, a mayar masa kafin Isha'i, a kuma gode masa." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Da kunya muka ɗora buhun a babur.

Sai bayan an yi zaman, marayu sun sami kasonsu, ya yi mana bayani. Ya ce da shinkafar nan ta kwana a gidansa, da ranar zama harshensa ya yi nauyi, ko da bai yi niyyar zalunci ba, domin bakin da ya ci shi ke jin kunya. Ya ce kwana goman da yake yi a kan tabarma awo ne: kowace shekara yana auna iyakar abin da yake buƙata don ya rayu, sai ya tarar ɗan kaɗan ne. Wanda ya san haka game da kansa, mai kuɗi ba shi da abin da zai saye shi da shi, mai iko kuma ba shi da abin da zai tsoratar da shi da ƙwacewa.

A nan muka fahimci abin da ake rawaitowa game da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, cewa duk da ƙasashen da suka shiga hannun jama'arsa, tufafinsa kaɗan ne, kuma yana tufka igiya ana sayarwa domin abincinsa. Ba rashin samu ya sa shi haka ba. Mai yi wa sarakuna wa'azi ba zai ci daga akushinsu ba, sannan ya faɗa musu gaskiya yadda take.

Sai dai hanyar tana da ramuka, kuma mun ga waɗanda suka faɗa. Akwai wanda ya shiga halwa ya bar mata da 'ya'ya babu ko mudun masara, maƙwabta ne suka ɗauki nauyinsu. Wannan bai bar duniya ba, ya dai ɗora tasa duniyar a kan wasu. Baba ba ya shiga masallaci sai ya ajiye wa gida cefanen kwana goma, ya biya ƙananan basussukansa. Akwai kuma wanda ya bar rigar shadda ya sa tsumma, amma kunnensa na wurin masu cewa ga waliyyi. Wannan ya sayar da dukiya ne ya sayi suna, kuma son suna ya fi son kuɗi wuyar ganewa, tunda kamannin ibada yake ɗauka.

Gazali ya kawo alamomi uku da mutum zai gwada kansa da su. Ta farko, kada samu ya sa shi rawar kai, kada rashi ya karya shi. Ta biyu, mai yabonsa da mai zaginsa su zama daidai a wurinsa. Ta uku, ya riƙa samun natsuwa da daɗi a cikin ibada. Babu ɗaya daga cikin ukun da ake gani a riga ko a girman gida. Saboda haka ana iya samun attajiri a kasuwar Aboabo wanda dukiya ke hannunsa ba ta shiga zuciyarsa ba, a kuma sami mai tabarma ɗaya wanda ke kwana yana lissafin abin hannun mutane.

Mu kam mun faɗi jarrabawar farko a ranar da muka shigar da buhun nan zaure. Tun daga lokacin, duk kyautar da ta zo gidan sai mun rubuta sunan mai ita, mun duba ko yana da magana a gaban Baba, kafin mu taɓa ta. Rufin ɗakin kuwa, ɗansa ne ya gyara shi daga baya, bayan ruwan farko ya jiƙa littattafai biyu.

Allah Ya sa duniya a hannunmu, kada Ya sa ta a zukatanmu. Wassalam.