Takardar Gorar Zoɓo

Mai zane a kwamfuta da bai taɓa samun kwastoma ba, tambaya ɗaya ce ke tsaye masa a rai: "Wane aiki ka taɓa yi?" A ganina, amsar tana cikin kular masu zoɓo da kunun aya a Kakuri da Barnawa, inda za ka ga gorori tsirara, ko suna babu.

Sai mutum ya ƙirƙiri sana'a, ya raɗa mata suna, ya zana mata takardar mannawa. Amma da gorar ake farawa. A zagaye ta da tef ɗin tela, a ƙara milimita 3 a kowane gefen zanen, don wuƙar mai yanka ba kullum take bin layi ba. Fayil ya zama CMYK, 300 dpi, domin jan zoɓon da ke walwali a waya yakan dushe a takarda.

Da yawa nan suke tsayawa, su ɗora zanen kan hoton gora daga intanet. Ni kam wannan ba ya burge ni. A buga, a manna, a jefa gorar cikin ƙanƙara daga hantsi zuwa la'asar. Sitikar takarda za ta jiƙe ta saɓule, ta leda kuwa ta jure. Rubutun da ya yi ƙanƙanta ma a nan asirinsa ke tonuwa. Hoton gorar a jiƙe, da awon da aka ɗauka, su za a nuna wa kwastoma.

A ƙasa a rubuta cewa gwaji ne, kuma gurbin lambar NAFDAC a bar shi fili, kada a ƙirƙiro.